Kwana talatin ba wata guda ba ne

A zaman asusunmu na makon jiya wata ƙanwata ta ce za ta tashi daga gidan da take haya ƙarshen wata, na tambaye ta ko ta rubuta ma mai gida. Ta ce ai ta faɗa mashi da baki, kuma ya ce to. Sai na ji gabana ya faɗi, don wannan "to" ɗin ita ce ta ci mani jika goma a farkon 2025. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance, ko wata ta tsira da kuɗinta.

Shekara huɗu na yi a wani gida a unguwar Zariya, cikin Maraɗi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, jika 20 a wata, ana biya ƙarshen wata. Ranar da na shiga na ajiye kosiyo na wata biyu, jika 40. Mai gidan dattijo ne, yana zaune a Tibiri, ba ya shigowa birni sai da dalili. Ɗan ƙanensa ne ke zuwa kan babur yana karɓar kuɗin haya. Akwai takardar haya da muka sa ma hannu, da Faransanci, shafi biyu. Na ninke ta na sa cikin leda a ƙarƙashin akwati, ban sake duba ta ba.

Da mahaifiyata ta fara rashin lafiya a Jiratawa, na yanke shawarar komawa kusa da ita. Dama can nake saro zogale ina kawowa birni, kenan ko ta fuskar sana'a ba asara. Na ci bashi a asusu na gyara ɗaki a gidanmu, saura jika 30 a kaina, kuma wa'adin biya shi ne zaman Alhamis 20 ga Fabrairu, don mun shirya fasa asusu kafin azumi. Kun san ƙa'idarmu ta Mata Masu Dubara: ba a raba kuɗi sai kowane bashi ya dawo cikin akwati. Lissafina mai sauƙi ne. In tashi ƙarshen Janairu, in karɓi kosiyona, in biya asusu, in shiga azumi ba nauyin kowa a wuyana.

Ranar 28 ga Disamba yaron Alhaji ya zo karɓar kuɗi. Na ce mashi, "Ka gaya ma Baba ƙarshen watan gobe zan tashi." Ya ce, "To Hajiya, Allah ya kai mu." Ya ba babur wuta ya tafi. Ni a wurina magana ta ƙare.

Sai ranar 10 ga Janairu, ina fitar da kaya daga akwati, ɗiyata da ke kwaleji ta ga ledar ta ɗauka tana karantawa. Can ta ce, "Inna, kin rubuta ma Alhaji kuwa?" Na ce rubutun mi? Ta fassara mani wurin, layi uku ne kacal. Ma'anarsa: ɗan haya da ke son tashi zai sanar da mai gida a rubuce, kwana talatin kafin tashinsa, kuma ana fara lissafi daga ranar da mai gida ya karɓi takardar.

Abu uku ne cikin layukan nan, kuma duka ukun na saɓa. A rubuce, ni da baki na faɗa. Mai gida, ni yaronsa na gaya ma. Ranar da ya karɓa, ni ina lissafi daga ranar da na yi niyya. Da a ce ranar 28 ga Disamba takarda na miƙa ma Alhaji hannu da hannu, da wa'adina ya cika 27 ga Janairu, da ba wanda ya isa ya tambaye ni ko dala ta Fabrairu.

A ranar muka rubuta wasiƙa. Sai na ƙara yin wani kuskuren: na kira yaron na ba shi ya kai. Ba mugun yaro ba ne, hidima ce ta yi mashi yawa. Kwana huɗu shiru. Ranar Talata na buga ma Alhaji waya in gaishe shi, in ji ko saƙo ya iso. Ya ce, "Wace takarda, ɗiyata? Ni ban ga komi ba, ban kuma ji kina tashi ba." Takardar tana aljihun rigar da aka ba wanki.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Muka sake rubuta wata, muka yi ta biyu iri ɗaya. Ɗiyata ta rubuta da Faransanci a sama, tunda da shi aka yi takardar haya, ni na rubuta Hausa a ƙasa. Ga Hausar, na cire sunaye:

"Maraɗi, 15 ga Janairu 2025.

Zuwa ga Alhaji wane, mai gidan da ke unguwar Zariya, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni wance, mai haya a gidanka tun watan Maris 2021, ina sanar da kai cewa zan tashi. Takardar hayarmu ta ce a ba da wa'adin kwana talatin daga ranar da ka karɓi sanarwa. Na miƙa maka wannan takarda yau Laraba 15 ga Janairu 2025. Kwana na farko shi ne 16 ga Janairu, kwana na talatin shi ne Juma'a 14 ga Fabrairu 2025. A ranar zan ba da makulli, in Allah ya yarda.

Ina roƙo ka zo, ko ka aiko wakili, mu duba gida tare a ranar, mu rubuta lambar da ke kan mitar wuta. Kuɗin ajiyata jika 40 ne. Ina roƙo a cire abin da ke kaina a ba ni saura.

Na gode da zaman arziki da muka yi.

Sa hannun mai haya.

Na karɓa ranar ........ Sa hannun mai gida."

Kun ga ba ta da tsawo. Ban sa dalilin tashina ba, don takardar haya ba ta tambaya ba. Ban sa ƙorafin rufin da ke yoyo ba, don wasiƙar tashi ba wurin faɗa ba ce, kuma kuɗina na hannun mutumin. Layin ƙarshe shi ne mafi tsada a cikinta, wurin da mai gida zai rubuta ranar da ya karɓa ya sa hannu. In babu shi, wasiƙar da ke hannunki shaida ce kawai cewa kin iya rubutu.

Da safe na shiga mota zuwa Tibiri, na ɗauki ma'ajiyar asusunmu ta raka ni don ta zama shaida. Mun tarar da Alhaji a zaure, kan tabarma, da carbi a hannu. Muka gaisa, ya tambayi jikin tsohuwa, na ba shi goro da ƙullin busasshen zogale. Sannan na fito da takarda. Ba ya karatun boko, sai ya kira jikansa ya karanta mashi Hausar.

Da aka zo kan ranar, ya ɗaga hannu. "Tsaya. Yau sha biyar. Wata guda kenan sha biyar ga watan gobe. Ina kinka samo sha huɗu?"

Na ce, "Baba, takarda ba ta ce wata guda ba, kwana talatin ta ce."

Ya ce, "Wata da kwana talatin ba duk ɗaya ba ne?"

Jikan kuma ya sa baki, ya ce shi a lissafinsa sha uku ne, don ya fara ƙirga daga yau. Ga mu mutum uku, takarda ɗaya, rana uku: 13, 14, 15.

Na roƙi Alhaji aron carbinsa. Na ce kowane ɗan carbi kwana ɗaya. Yau ba ta cikin lissafi, don yau ba kwana ba ce tukuna. Rana ta riga ta yi sama, sai an kwana an tashi ake cewa kwana ɗaya. Haka muke yi da suna ai. Yaron da aka haifa Laraba, Laraba mai zuwa ake raɗa mashi suna, mu ce kwana bakwai, kuma ba mu ƙirga ranar haihuwar. Alhaji ya gyaɗa kai, wannan ya shige shi. Na ja ɗaya na ce 16 ga wata, na ja na biyu na ce 17, har muka kai 31 ga Janairu, ƴaƴan carbi goma sha shida. Saura goma sha huɗu a cika talatin. Ɗaya ga Fabrairu, biyu ga Fabrairu, har 14. Nan na tsaya.

Alhaji ya karɓi carbinsa ya sake ja da kansa, a hankali. Ya ce, "Ashe watan nan naku talatin da ɗaya gare shi." Shi da watan Musulunci yake lissafin rayuwarsa, wanda ke yin kwana 29 ko 30, bai taɓa yin 31 ba. Ya karɓi bik ya rubuta ranar da ajami a takardun biyu, ya sa hannu, ma'ajiyarmu ta sa nata. Ya riƙe ɗaya, na riƙe ɗaya.

Wata za ta ce, duk wannan a kan kwana ɗaya? Kwana ɗaya kuɗi ne, kuma wani lokaci wata guda ne cur. Bari in nuna maku.

Bayan sa hannu Alhaji ya ce, "To amma kin san wata in anka shiga shi ya ciyu. Fabrairu taki ce duka." Wannan al'ada ce da masu gidaje da yawa ke bi, wasu ma suna rubuta ta cikin takardar haya. Na sa ɗiyata ta duba tamu tun a gida, babu wannan magana a ciki. Na ce, "Baba, takarda ta ba ni ranar fita. Bayan ranar gidanka ne, kana iya sa wani washegari. Ƙaƙa zan biya kwanan da ba ni ciki?" Ya yi shiru. Na ce Fabrairun bana kwana 28 ce, ni zan yi 14, rabi daidai, jika goma. Ma'ajiyarmu ta ce, "Alhaji, kuɗin nan na asusu ne, mata talatin ke jiran su kafin azumi." Ya yi dariya ya ce mun zo mashi da runduna. Ya yarda da rabi, muka ƙara layi ɗaya a ƙasan takardun biyu: kuɗin Fabrairu jika 10, a cire cikin kosiyo.

Ku lura, yarda ya yi. Da takardar hayata ta ce watan da aka shiga ana biyan shi duka, da ba ni da bakin magana, jika 20 zan biya ko na fita 14 ga wata ko 28. Wadda takardarta ta faɗi haka, dabararta daban ce. Kwana talatin mafi ƙaranci ne, ba a hana ki ba da fiye da haka. Sai ki rubuta cewa za ki fita ranar ƙarshe ta watan, ki zauna kwanakin da kika biya, ki kwashe kaya a natse.

Daga nan na koyi cewa lissafin da ya fi amfani shi ne na baya-baya. Kada ki fara da yaushe zan rubuta. Fara da ranar da kike son fita, ki ja carbi baya sau talatin, inda kika tsaya ita ce rana ta ƙarshe da takarda za ta shiga hannun mai gida. Mai son fita 31 ga wata, kamar Janairu ko Maris, dole takarda ta isa ranar 1 ga wannan watan. Mai son fita ƙarshen wata mai kwana 30, kamar Afrilu ko Yuni, dole ta isa ranar ƙarshe ta watan da ya gabace shi. Fabrairu ce mai tarko. Mai son fita 28 ga Fabrairu, takardarta ta isa 29 ga Janairu. In ta makara da kwana ɗaya ta kai 30 ga Janairu, kwana na talatin ya faɗa 1 ga Maris. Ta shiga sabon wata kenan, kuma in mai gidanta na masu cewa wata ya ciyu ne, kwana ɗayan nan ya zama kuɗin wata.

In kuma gaba kike ƙirgawa kuma ba carbi kusa, ga gajeriyar hanya. Dubi watan da aka karɓi takarda a cikinsa. In mai kwana 31 ne, ranar fita ita ce wannan lamba a watan gaba, a rage ɗaya: 15 ga Janairu ta ba da 14 ga Fabrairu. In mai kwana 30 ne, lambar ba ta canzawa: 15 ga Afrilu ta ba da 15 ga Mayu. In Fabrairu ce mai 28, a ƙara biyu: 15 ga Fabrairu ta ba da 17 ga Maris. Amma ko kin yi wannan, ki ɗauki kalanda ki bi da yatsa sau ɗaya. Kuma ki rubuta ranar fita ƙarara cikin wasiƙar, da sunan ranar da lambarta. In mai gida yana da wani lissafi daban, gara ku yi gardamar a zaurensa da sauran wata guda, da ku yi ta a ƙofar gida kayanki na kan amalanke.

Gargaɗi ɗaya ga masu hayar shago ko wurin injin niƙa. Abin da na faɗa na gidan kwana ne, kuma na abin da takardata ta ƙunsa. Hayar wurin sana'a tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, kuma a can in hayar ba ta da ranar ƙarewa, wa'adin tashi wata shida ne aƙalla. Kada mai shago ta ɗauki kwana talatin ɗina ta tafi da shi. Ko a gidan kwana ma, ki karanta taki takardar. Wata ta ce wata guda, wata ta ce wata uku, wata ta ce daga ranar da aka rubuta. Kalma ɗaya ta canza, ranar fita ta canza.

Ranar Alhamis 13 ga Fabrairu na kwashe kaya zuwa Jiratawa, na bar tabarma da buta kawai. Na share ɗakunan, na wanke makewayi. Juma'a da hantsi, kafin masallaci, yaron Alhaji ya zo. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da maganar takardar nan." Na ce ya wuce, laifina ne da na ba da saƙon da ya kamata in kai da ƙafata. Muka zaga gida. Ya nuna gilashin taga da ya fashe, na amsa, yarana ne, jika 2. Ya nuna bangon da ruwa ya ɓata, na ce wannan yoyon rufi ne, na sha faɗa maku, ya bar shi. Muka rubuta lambar mita, muka ƙiyasta wutar da ba a kawo takardarta ba tukuna, jika 3. Na miƙa makulli biyu, ya rubuta a bayan wasiƙata cewa ya karɓa ranar 14 ga Fabrairu. Wannan ma kada ku manta da shi. Muddin makulli na hannunki, a idon mai gida kina cikin gidan, ko da kin kwana bakwai a wani gari.

Lissafi ya tsaya haka: jika 40, a cire 10 na rabin Fabrairu, a cire 3 na wuta, a cire 2 na taga, saura 25. Ranar Litinin Alhaji ya aiko da su. Bashina 30. Na cika biyar daga cinikin zogale, na kai zaman Alhamis, aka buɗe akwati aka ƙirga a gaban kowa, aka soke sunana a littafin bashi. Da na kai takardar tun 1 ga Janairu, da 35 zan karɓa, in biya asusu har in yi cefanen azumi da saura. Jika goman nan ba Alhaji ya ci mani ba, ba yaronsa ba. Kwana goma sha huɗu ne da na bari suka wuce ina ganin na riga na faɗa.

Ƙanwar tawa da na ambata a farko, bayan zama na bi ta gida muka ciro takardar hayarta daga cikin kwalla. Tata ma kwana talatin ce, kuma tata ta ce watan da aka shiga ana biyan shi duka. Mun ja carbi baya, muka ga saura kwana biyu takarda ta isa. Washegari da sassafe ta kai da kanta, ta dawo da sa hannu.

Wadda duk ke da takardar haya da ba ta san abin da ke ciki ba, ta zo da ita zaman Alhamis. Ɗiyata tana hutu, za ta karanta mana. Allah ya ba mu zama lafiya da masu gidajenmu, ya sa mu rabu da su ana gaisawa.